Amfilifayar turi-da-ja: tambayoyi da amsoshi kan gurɓatar mahaɗa da cin wuta

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu haɗa amfilifayar sauti da masu gyaranta, musamman idan aka zo matakin ƙarshe, wato inda manyan taranzistoci ke tura wuta zuwa sifika. Misali ɗaya ne aka riƙe tun daga farko har ƙarshe: amfilifaya mai layin wuta biyu, +20 da −20 na bolt, da sifika mai om 8.

1. Mene ne ake nufi da turi-da-ja?

Sautin da ke zuwa sifika wuta ce mai kai-da-kawo: rabin zagaye tana sama da sifili, rabin zagaye tana ƙasa. A tsarin turi-da-ja ana raba aikin tsakanin taranzistoci biyu. Na sama, wanda galibi NPN ne, yana ɗebo karant daga layin +20 ya tura wa sifika a rabin da ke sama. Na ƙasa, PNP, yana jawo karant daga sifika zuwa layin −20 a ɗaya rabin. An haɗa emitocinsu wuri guda, daga nan ne waya ke fita zuwa sifika. Kamar mutum biyu ne a kan zarto mai hannu biyu: wannan ya ja, wancan ya saki, sannan su juya.

Ana zaɓen taranzistocin su zama abokan juna, masu hali kusan ɗaya sai dai bambancin fuska. TIP41C da TIP42C misali ne na ƙananan amfilifayoyi, 2SC5200 da 2SA1943 kuma na manya. Wannan mataki ba ya ƙara girman boltej. Abin da ya shiga shi ke fita, har da ɗan ragi. Aikinsa shi ne samar da karant mai yawa, domin sifika mai om 8 tana neman sama da amfiya 2 idan boltej ya kai 17.

2. Ina bambancin aji A, aji B da aji AB?

Bambancin yana ga tsawon lokacin da taranzista ke ɗauke da karant a kowane zagaye. A aji A ba ya hutawa ko kaɗan: ko da sauti ko babu, karant mai yawa na ratsa shi, sigina kuwa ƙara shi take yi ko ta rage. A aji B kowane taranzista rabin zagaye kawai yake aiki, kuma idan an yi shiru dukansu a kashe suke. Aji AB yana tsakani, amma ya fi kusa da B. Ana barin ɗan karant kaɗan yana ratsa duka biyun a lokacin shiru, don kada a sami lokacin da dukansu suka saki sifika.

Wannan ɗan karant na lokacin shiru shi za mu riƙa kira karant ɗin zaman banza. Kusan duk abin da ke ƙasa a kansa yake: yadda ake samar da shi (tambaya ta 5), yawan da ya kamata (ta 6), da yadda ake hana shi ƙwacewa (ta 7).

3. Daga ina gurɓatar mahaɗa ke fitowa?

Taranzistan silikon ba ya fara wuce da karant na kirki sai boltej ɗin da ke tsakanin bes da emita ya kai kusan bolt 0.6. Idan aka ɗaure bes ɗin biyu wuri guda aka ba su sigina, na sama ba zai motsa ba sai sigina ta haura +0.6, na ƙasa kuma sai ta sauka ƙasa da −0.6. Tsakanin nan, faɗin kusan bolt 1.2, babu mai riƙe da sifika. Sigina na tafiya a ciki, amma a waje boltej yana kwance a sifili. Wannan yana faruwa sau biyu a kowane zagaye, daidai inda ɗaya zai miƙa wa ɗaya aiki, shi ya sa ake ce mata gurɓatar mahaɗa. Masu gyara da yawa suna kiranta kurosoba.

Abin da ya sa take da muni shi ne faɗin ramin ba ya canzawa da ƙarfin sauti. Idan ƙololuwar sigina bolt 17 ce, ramin ɗan tsagi ne a jikin babban zagaye. Idan ƙololuwar bolt 1 ce, ramin ya cinye wani babban kaso na kowane zagaye. Idan ta gaza 0.6, babu abin da zai fito sam. Yawancin sauran nau'o'in gurɓata suna ƙaruwa ne idan an ƙure murya. Wannan kuwa sai an rage murya take bayyana.

4. Ta yaya zan gane ita ce ke damun amfilifayata?

Da kunne za ka fara. Rage murya ƙasa sosai, ka saurari magana ko kiɗa mai laushi. Idan sautin yana da kaushi kamar ana goga yashi, ko wutsiyar sauti tana yankewa maimakon ta dusashe a hankali, sannan da ka ƙara murya abin ya lafa, to alama ce mai ƙarfi. Idan kuwa sai a babbar murya sautin ke fashewa, wannan wata matsala ce daban: sigina ta kai bakin layin wuta an datse mata kai. Sifikar da wayar cikinta ke gogar maganaɗisu ita ma tana yin kaushi a ƙaramar murya, don haka gwada wata sifika kafin ka buɗe amfilifaya.

Mai osiloskof zai gani da ido. Cire sifika ka sa rizisto mai om 8 wanda ke jure zafi, ka shigar da tsarkakkiyar sigina ta zagaye 1,000 a daƙiƙa, ka daidaita ta yadda ƙololuwarta a waje ba ta wuce bolt 1 ba. Duba inda layin ke ratsa tsakiya: za ka ga ɗan tudu a kwance ko ɗan karaya. Idan ba ka gani ba, ɗaga zuwa zagaye 10,000 ko 20,000. A can ta fi fitowa fili, saboda dalilin da ke tambaya ta 8. Kada ka yi wannan gwaji ba tare da rizistan ba, domin idan babu mai jan karant matsalar tana ɓuya. Wanda ba shi da osiloskof sai ya auna boltej a kan rizistocin emita yadda tambaya ta 6 ta nuna. Idan mita ta nuna sifili a lokacin shiru, taranzistocin a kashe suke.

5. Yaya ake cike ramin?

Ana raba bes ɗin biyu, a sa wani tsayayyen boltej a tsakaninsu wanda ya isa ya ɗan buɗe duka taranzistocin tun kafin sigina ta iso. Wannan shi ne bayas. Hanya mafi sauƙi ita ce dayod biyu, irin 1N4148, a jere tsakanin bes na sama da na ƙasa, karant na ratsa su. Kowane dayod yana riƙe kusan bolt 0.6, su biyu sun ba da 1.2 ɗin da ake nema. Tana aiki, amma ba ta da wurin daidaitawa: abin da dayod suka bayar shi ke nan, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Abin da aka fi yi shi ne a sa ƙaramin taranzista ɗaya, kamar BD139, da rizisto biyu. R1 yana tsakanin kolekta da bes, R2 tsakanin bes da emita. Boltej ɗin da zai tsaya tsakanin kolekta da emitansa shi ne:

```
Vbias = Vbe × (1 + R1/R2)
```

Wato yana ninka 0.6 ɗinsa sau adadin da ka zaɓa. Wannan yana da amfani ƙwarai domin a amfilifayar gaske ba a cika barin manyan taranzistoci su kaɗai ba. Kafin su ja amfiya 2 suna neman karant mai ɗan yawa a bes, don haka ana sa wa kowanne ƙaramin taranzista mai tuƙa shi. Mahaɗan bes da emita sun zama huɗu ke nan, bayas ɗin da ake nema ya kai kusan bolt 2.4. Idan R1 om 2,700 ne, R2 kuma om 680 ne a jere da tirima mai om 500, za ka iya juyawa daga kusan bolt 2 zuwa kusan bolt 3, abin da ake nema yana tsakiya.

A ɓangaren R2 ake sa tirimar, kuma wannan ba son rai ba ne. Tirima tana tsufa, harshenta yana iya sakin jiki. Idan tana cikin R2 ta yanke, bayas ya faɗi ƙasa: sauti zai yi kaushi amma babu abin da zai ƙone. Idan tana cikin R1 ta yanke, bayas zai haura har inda ƙarfinsa ya ƙare, manyan taranzistoci biyu su buɗe gaba ɗaya, layin +20 da na −20 su haɗu ta cikinsu.

6. Karant ɗin zaman banza nawa ya kamata, kuma yaya ake saita shi?

Idan amfilifaya ce ta kamfani, bi adadin da ke takardar gyaranta. Idan kai ka haɗa, ba karant ake aunawa kai tsaye ba. Kowane babban taranzista yana da ƙaramin rizisto a emitansa, galibi tsakanin om 0.22 da 0.47, kuma boltej ɗin da ke kansa ne ke gaya maka karant. A irin wannan tsari da emitoci ke fuskantar sifika, gurɓata ta fi raguwa idan kowane rizisto yana ɗauke da kusan milibolt 26. A kan om 0.33, wannan ya zama kusan miliamfiya 80. Idan ka ɗora mita daga emita ta sama zuwa ta ƙasa, ka haɗa rizistocin biyu ke nan, sai ka nemi kusan milibolt 50.

Kafin ka kunna, cire sifika, ka rufe mashigar sigina, ka mayar da tirima inda bayas ya fi ƙanƙanta, wato inda R2 ya fi girma. A kunnawar farko yana da kyau a jera ƙwan fitila mai zare a layin wutar da ke shiga taransifoma: idan ya haska ya dusashe, lafiya, idan ya tsaya da haske, kashe ka nemi laifi. Bayan an tabbatar lafiya sai a cire ƙwan, domin yana rage boltej, sannan a ɗaga tirima sannu a hankali har mita ta kai inda ake so. A bar ta kamar minti goma sha biyar ta yi ɗumi, a sake dubawa, a gyara. Adadin da ya tsaya ko ya ɗan sauka ba matsala. Wanda ke ta hawa ba tsayawa shi ne abin tsoro, sai a duba tambaya ta 7.

Mutane da yawa suna zaton ƙarin bayas kullum ƙarin tsabtar sauti ne. Ba haka ba ne ƙwarai. Da miliamfiya 80, taranzistocin biyu suna aiki tare har karant ɗin sifika ya kai kusan ninki biyu, miliamfiya 160, wato kusan kashi ɗaya bisa goma na wat a om 8. Daga nan ɗaya ya kashe, ɗaya ya ci gaba. Idan bayas ya zarce ƙima, ƙarfin matakin a inda suke aiki su biyu ya fi na inda ɗaya ya rage, sai a sami wani sabon lanƙwasa a wurin miƙa aiki. Ya fi ramin aji B sauƙi nesa ba kusa ba, amma ka biya shi da zafi ba tare da ka ci riba ba.

7. Me ya sa amfilifaya ke yin zafi har ta ƙone alhali ba ta kiɗa?

Boltej ɗin da taranzista ke buƙata don ya buɗe yana raguwa da kusan milibolt 2 a duk digiri ɗaya na zafi. Idan bayas a tsaye yake, taranzistan da ya yi ɗumi zai ja ƙarin karant, ƙarin karant ya ƙara zafi, zafin ya sake ƙara karant. Lissafin ba wasa ba ne: milibolt 60 kacal a bes yana ninka karant kusan sau goma. Hawan digiri 40 ya kai milibolt 80. Ba tare da kariya ba, abin da ka saita a miliamfiya 80 zai wuce amfiya ɗaya, kuma ba nan zai tsaya ba.

Kariya biyu ce, kuma duka ake so. Ta farko rizistocin emita: da karant ya ƙaru, boltej ɗin kansu ya ƙaru, ya cinye wani ɓangare na bayas. A kan om 0.33, waccan milibolt 80 ba za ta ƙara abin da ya wuce kusan miliamfiya 240 ba. Ta biyu, a ɗaure taranzistan bayas, ko dayod ɗin, a jikin farantin sanyaya da manyan taranzistoci ke kai, kusa da su, da man zafi a tsakani. Idan sun yi zafi shi ma ya yi, nasa 0.6 ya ragu, bayas ya sauka tare da su. Laifin da ake yawan samu bayan gyara shi ne an canza manyan taranzistoci an manta ɗan ƙaramin yana lilo a iska, ko an maye rizistan emita da ya ƙone da guntun waya.

8. Ba a ce fidbak yana gyara gurɓata ba? Me ya sa ba zai wadatar ba?

Yana taimakawa sosai. Idan aka ɗebo sigina daga mafita aka mayar farko don a kwatanta, matakan baya za su ga cewa waje ya tsaya, su yi tsalle su haye ramin bolt 1.2 ɗin. Amma tsallen yana cin lokaci. A cikin ramin, matakin ƙarshe ba ya amsawa, don haka fidbak ɗin kansa ya yanke na ɗan lokaci. Kuma ƙarfin fidbak yana raguwa yayin da sauti ke ƙara siranta, domin da gangan ake rage shi don kada amfilifaya ta fara kukan kanta. Gurɓatar mahaɗa kuwa kaifi gare ta, ta cika da sirarin sautuka, wato daidai inda fidbak ya fi rauni. A cike ramin da bayas tukuna, sannan fidbak ya share ɗan abin da ya rage.

9. Ta fuskar cin wuta, nawa ne ainihin bambanci da aji A?

Inganci a nan yana nufin kason wutar da aka ja wanda ya isa sifika. Saura zafi ne. Idan Vp ƙololuwar boltej ce a sifika, Vcc boltej na kowane layi, R kuma om na sifika, ga lissafin aji B da tsarkakkiyar sigina:

```
Pout = Vp² / (2R)
Pdc  = 2 × Vcc × Vp / (π × R)
```

Da a ce sigina za ta taɓa bolt 20 cif, sifika za ta sami wat 25, a ja wat 31.8, inganci ya zama kashi 78.5 cikin ɗari. Wannan shi ne iyakar aji B, π bisa 4, kuma a takarda kawai ake kai shi. A zahiri taranzistoci da rizistocin emita suna riƙe bolt biyu ko uku, sai mu ce ƙololuwa 17. Sifika ta sami wat 18, an ja wat 27, inganci kusan kashi 67, zafi wat 9. Aji AB da aka saita yadda ya kamata bai yi nisa da wannan ba a babbar murya.

Yanzu ɗauki aji A a kan layuka iri ɗaya: taranzista ɗaya a sama, a ƙasa kuma wani mai jan tsayayyen karant. Don a iya kai bolt −17 a om 8, dole tsayayyen karant ɗin ya kai kusan amfiya 2.2, kuma yana gudana kullum tsakanin layuka masu tazarar bolt 40. Wat 88 ke nan ake ja, don a sami wat 18 ɗin nan dai: kusan kashi 20. Iyakar wannan tsari a takarda kashi 25 ce. Aji A mai taransifoma a mafita, ko aji A da aka yi shi turi-da-ja, yana iya kusantar kashi 50, ba ya wucewa.

Sai dai babban bambancin ba a ƙurewar murya yake ba. Yawancin sauraro a ƙasa ake yinsa. A wat 1, ƙololuwa bolt 4 ce. Aji B zai ja kusan wat 6.4, inganci kusan kashi 16. Aji AB ya ɗara haka kaɗan a ci. Aji A yana nan a wat 88 ɗinsa, inganci ɗan sama da kashi 1. A lokacin shiru, aji AB mai miliamfiya 80 yana cin wat 3.2, aji A kuwa yana mayar da wat 88 gaba ɗaya zafi. Wato a shiru ne aji A ya fi zafi, yana ɗan samun sauƙi ne idan sifika ta karɓi wani kaso.

10. To a wane ƙarfin murya ne aji AB ya fi zafi?

Ba a ƙarshen murya ba, kuma wannan yana ba mutane mamaki. Zafin taranzistoci yana kai ƙololuwa idan Vp ya kai kusan kashi 64 cikin ɗari na Vcc, wato 2 bisa π. A misalinmu bolt 12.7 ne: sifika na samun wat 10, ana jan wat 20, saura wat 10 zafi, kusan biyar-biyar a kowane taranzista. Da wannan adadin ake zaɓen farantin sanyaya, ba da wat 9 na tambaya ta 9 ba. Farantin da ke hawa digiri 3 a kowane wat zai ɗara iskar da ke kewaye da digiri 30, cikin taranzista kuma ya fi haka zafi.

A bar rara. Sifika ba rizisto zalla ba ce. A wasu sautukan om ɗinta yana sauka ƙasa da abin da aka rubuta, kuma karant da boltej ba sa tafiya tare, abin da ke ƙara wa taranzistoci nauyi. Wanda ya jona sifika biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa ya mayar da su om 4, zafin ya ninka zuwa wat 20.

11. Idan haka ne, akwai inda aji A ya fi dacewa?

Akwai. Tunda taranzistansa ba ya kashewa, babu miƙa aiki, babu mahaɗa, babu gurɓatarta. Inda wutar da ake buƙata kaɗan ce, asarar ba ta da zafi a jiki: matakan farko na amfilifaya, da matakin da ke ƙara girman boltej kafin na ƙarshe, kusan dukansu aji A ne, har a cikin amfilifayar da ake kira AB. Amfilifayar abin sawa a kunne ma tana iya zama aji A ba tare da wahala ba, domin miliwat take bayarwa. Amma a matakin ƙarshe mai wat 18, zaɓin shi ne tsakanin farantin da zai kwashe wat 10 da wanda zai kwashe wat 88 dare da rana, tare da taransifoma da kafasitocin da za su ciyar da shi. A ganina, ga mai tura sifika, aji AB da aka auna bayas ɗinsa aka ɗaure taranzistan bayas a faranti ya fi cancanta, domin gurɓatar da ta rage masa bayan fidbak tana iya sauka ƙasa da abin da kunne ke kamawa.